Kafin malami ya ce wa ɗalibi inji ne ya yi masa aiki

A 2023 Bajamushen nan Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar Sony World Photography Awards da hoton da ya haɗa da ƙirƙirarriyar basira, sannan ya ƙi karɓa, ya ce wannan ba aikin kyamara ba ne. Duk da haka har yau akwai malaman da ke zuba wa hoton ɗalibi ido su yanke hukunci. A ganina wannan ganganci ne. Ƙirga yatsun hannu a cikin hoto ya daina amfani, domin injinan da a da suke kuskuren yawan yatsu sun gyara wannan aibin, manhajojin tantancewa kuwa sukan ɗora wa mai gaskiya laifi, musamman idan an tace hoton sosai.

Abin da ya kamata malami ya nema shi ne sawun aikin. A ce ɗaliba ta kawo hoton tsoho a bakin taga, fuskarsa ta fito tsaf, bayansa ya dushe. Sai a ce ta kawo ainihin fayil ɗin daga katin kyamara, na RAW, wato ɗanyen fayil da ba a tace ba, idan akwai, kamar .NEF na Nikon ko .CR3 na Canon. Bayanan EXIF da ke ciki za su nuna kyamarar, da lokacin ɗauka, da faɗin ƙofar haske. Idan sun nuna f/16 da gilashi mai milimita 18, to da sake, domin wannan saitin kusan komai yake fitarwa sarai, ba ya dusar da baya haka. Wannan ma tambaya ce za a yi mata, ba kamu ba ne, don tana iya dusar da shi wajen tacewa.

Rashin EXIF kuma ba laifi ba ne, WhatsApp kan goge shi idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba. Samuwarsa ma ba ta wanke kowa, tunda da manhajar ExifTool ana rubuta abin da aka ga dama a cikinsa. Shi ya sa na fi amincewa da maƙwabtan hoton. Idan lambarsa IMG_0412, ina 0411 da 0413? Wanda ya tsaya a gaban tsohon da gaske yana da hoton da tsohon ya ƙifta ido a ciki, da wanda haske ya yi yawa, da wanda ya karkace, dukkansu da taga ɗaya da riga ɗaya. Ƙirƙiro wannan shara ya fi ƙirƙiro kyakkyawan hoto wuya.

Zane ma haka yake: a nemi zanen gwaji na fensir, ko fayil ɗin PSD na manhajar Photoshop da shimfiɗunsa, ko bidiyon da manhajar zane ta Procreate ke naɗa yayin aiki. In shakka ta rage, a ba ɗalibin takarda ya sake zana wani ɓangare na zanen a gaban malami. Sai dai wajibi ne a faɗi waɗannan sharuɗɗa ranar da aka ba da aikin, tun kafin wani ya goge katinsa.