Wa zai yi "needful" ɗin, kuma yaushe?

Wani salo ya kama wasiƙun imel na ofisoshi, har sababbin ma'aikata na kwaikwayonsa a matsayin ƙwarewa. Sai a tura takarda ga mutum huɗu da layi ɗaya tal: "Looping in Accounts, please do the needful and revert back." Mai aikawa ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali ko aiki ɗaya bai ɗora wa kowa ba.

A ce takardar neman biyan kuɗi ce ta wani ɗan kwangila. Akanta ya buɗe, ya ga sunan manaja a saƙon, ya ɗauka sa hannunsa ake jira. Manaja kuwa ya ga an ambaci sashen kuɗi, ya wuce abinsa. Sauran biyun da ke layin Cc dama sun san kallo ne nasu. Mako ya zagayo, ɗan kwangila na ta buga waya, kowa kuma yana da hujjar cewa ba shi aka nufa ba. Wannan shi ne aibin "do the needful": tana cewa a yi abin da ya kamata, ba ta faɗi abin ba, ba ta faɗi mai yi ba, balle ranar gamawa. Kuma sau da yawa da gangan ne, don in abu ya lalace mai aikawa ya ce ai ya sanar.

Masu kare ta na cewa tsohon Turancin Birtaniya ne da ya zauna daram a Indiya da wasu ƙasashe, don haka ba kuskure ba ne. To, ni ban ce haramun ba ce, na ce ba ta aiki.

Ita ma "revert back" da nata. Asalin "revert" komawa ne ga yadda abu yake a da, saboda haka "back" ɗin maimaici ne. Abin ya fi muni idan saƙon ya je hannun mai rubuta manhaja, domin a wajensa "revert" na nufin a warware gyaran da aka yi. Kana neman amsa, shi ya rushe aikin jiya. Me ya hana a rubuta "please reply"?

"Looping in" ba ta da laifi a kanta. Laifin shi ne a jefa mutum cikin zaren saƙo ashirin ba tare da an gaya masa dalili ba, ya zauna yana tono daga ƙasa.

Ga yadda saƙon can ya kamata ya fita: sunan akanta shi kaɗai a layin To, manaja a Cc, sannan a rubuta "Please pay the attached invoice by Thursday and reply to confirm." In an ƙara wani, a ba shi jimla guda: an sa ka ne don ka duba ko adadin ya yi daidai da kwangilar. Shugabannin sassa su fara mayar da duk saƙon da ya zo babu aiki, babu suna, babu rana.