Mafarkin da ya biyo bayan istihara: nawa ne nauyinsa?

A nan Sakkwato an saba jin cewa an fasa aure, ko an ɗage tafiya, saboda wani ya yi istihara ya kwanta ya ga baƙin abu ko jini a mafarki. Ra'ayina shi ne mafarki yana da matsayinsa, amma a cikin shaidun da mutum zai saurara kafin ya yanke hukunci, shi ne mafi ƙarancin nauyi, kuma bai isa shi kaɗai ya rushe abin da bincike da shawara suka gina ba.

A duba hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari ya ruwaito. Annabi (SAW) ya koyar da cewa idan mutum ya yi niyyar wani al'amari, ya yi nafila raka'a biyu, ya roƙi Allah cewa in abin alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshen al'amarinsa, ya ƙaddara masa shi, ya sauƙaƙe, ya sa albarka. In kuwa sharri ne, ya kawar da shi daga gare shi, shi ma ya kawar da shi daga abin. Babu maganar barci a ciki, balle mafarki. Abin da aka roƙa sauƙi ne ko kawarwa, kuma a farke ake ganin su. Zancen fari da kore alheri ne, baƙi da ja sharri ne, maganar wasu malamai ce ta baya, ba ta cikin hadisin.

Sannan hadisin Abu Huraira ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da rai ya yini yana saƙawa. A ɗauka wata yarinya ce a Mabera, an kawo gaisuwar iyaye, waliyyinta ya bincika halin yaron a unguwarsu da wurin sana'arsa an yabe shi, gwajin jini ma ya yi daidai. Ta yi istihara, sai ta ga tana faɗawa rijiya. Tambayar farko ita ce da me ta kwanta. Idan ta yini tana jin labarin sakin ƙawarta, ko zazzaɓin cizon sauro na jikinta, ko zafin watan Afrilu ya hana ta barcin kirki, to kashi na uku ya fi kusa. In kuma firgici ne zalla, ta yi abin da aka koyar: ta yi tofi sau uku a hagu, ta nemi tsari, ta juya kwanciya, kada ta faɗa wa kowa. Mafarkin da aka hana a ba da labarinsa, ta yaya zai zama hujjar mayar da kayan mutane? Iyakar abin da zai sa ta yi shi ne ta maimaita istiharar, ta roƙi waliyyinta ya ƙara bincike.

A juya lamarin. Ta ga lambu kore shar, amma gwaji ya nuna su biyun AS ne, wato a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, ko kuma an tabbatar yaron yana dukan mata. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta kawo wa Annabi (SAW) zancen Mu'awiya da Abu Jahm da ke neman aurenta, halinsu ya bayyana mata a fili, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Wannan sakamakon gwajin, ko wannan shaidar, ita ce kawarwar da yarinyar ta roƙa. Haka ɗan kasuwar da zai bi hanyar Isa ko Sabon Birni: direbobin tasha su zai tambaya halin da hanya take ciki, ko da ya kwana yana mafarkin fararen tattabaru.

Wani zai ce ai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ga an ɗaura masa takobin gaskiya a mafarki. Haka ne, a 1794 ne. Amma bai yi hijira daga Degel zuwa Gudu ba sai 1804, bayan lamarinsa da Sarkin Gobir Yunfa ya kai inda ya kai, kuma shekarun da ke tsakani karantarwa da wa'azi ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu karɓar sadaka su yi wa mutum istihara, da safe su ce sun gani babu alheri. Addu'ar da bakin mai buƙata aka tsara ta, shi ke cewa addinina da rayuwata. Da aka tambayi Imamu Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, cewa ya yi ashe ana wasa da annabci? Idan har mafarkin ya fito sarai, ya maimaitu, zuciya kuma ta ƙi natsuwa bayan an sake istihara, a kai shi wurin malamin da aka san iliminsa da tsoron Allahnsa, wanda ba shi da ɗan'uwa a cikin manema.