Yara uku ne kacal, amma sandar ta ninka huɗu

A taron iyaye da malamai na wata makarantar kuɗi da ke nan Gombe, inda ɗana yake aji biyar na sakandare, an haska mana wani zane a jikin bango kafin a shiga maganar ƙarin kuɗin makaranta. Sanduna biyu ne a tsaye. Ta bara 'yar guntuwa, ko gwiwar ta bana ba ta kai ba. Ta bana kuwa ta miƙe har tana neman taɓa saman hoton. A sama an rubuta cewa wannan shi ne kason ɗaliban da suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Zaure ya ɗauki tafi. Wani dattijo da ke gefena ya gyara zama ya ce, "Masha Allah, ai ko sun ƙara kuɗi sun ci halas."

Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba. Sai da hoton ya ɗan jima a bango sannan idona ya sauka kan ƙananan lambobin da ke jere a gefen hagu, daga ƙasa zuwa sama. Na ƙasan ba sifili ba ne, 60 ne. Sandar bara ta tsaya a 62, ta bana a 68.

Ga abin da ya faru. Sanda tana magana ne da tsawonta, ido kuma tsawon yake aunawa tun kafin mutum ya karanta ko lamba ɗaya. Da layin gefen ya faro daga sifili, sandar bara za ta zama taki 62, ta bana taki 68, ka gan su kusan kai ɗaya, ta bana ta ɗan ɗara da kusan kashi ɗaya cikin goma. To amma an yanke 60 na ƙasa an jefar. Abin da ya rage wa ta bara taki 2 ne, ta bana taki 8. Takwas kuwa ta ninka biyu sau huɗu. Babu lambar ƙarya ko ɗaya a jikin bangon nan, amma abin da mutanen zauren suka tafi da shi gida shi ne makaranta ta ninka ƙoƙarinta sau huɗu.

Kamar mutum biyu ne tsaye a bayan katanga. Ɗaya tsayinsa santimita 170, ɗayan 180, katangar kuma 160. Kai da ke wannan ɓangaren santimita 10 na kan wannan kake gani, da 20 na wancan. In ka manta akwai katanga, sai ka rantse ɗaya ya ninka ɗaya. Bambancin kawai shi ne kowa ya san akwai sauran jiki a bayan katanga, amma a zane ba kowa ke tunawa da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mai zanen ne ke zaɓar tsayin katangar, kuma duk yadda ya so labarin ya fito haka zai fito. Lissafin ba wuya: ka cire lambar farawa daga kowace sanda, sannan ka raba babbar da ƙaramar. Da an faro daga 50, zai zama 18 da 12, wato ninki ɗaya da rabi. Daga 60 mun ga ninki huɗu. Da an matsa zuwa 61, sai ya koma 7 da 1, ninki bakwai. Sakamakon jarrabawa ɗaya ne, yaran su ne dai, ba wanda ya ƙara karatu ko na dare ɗaya.

Bayan taro na tambayi malamin da ya haɗa zanen yara nawa suka zauna jarrabawar. Ya ce hamsin bara, hamsin bana. Kashi 62 cikin ɗari na hamsin yara 31 ne, kashi 68 kuma 34. Yara uku ke nan. Ba na raina su, kowane ɗaya ɗan wani ne kuma iyayensa sun yi murna. Amma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san yara uku na iya hawa ko sauka tsakanin shekara da shekara saboda zazzaɓin da ya kama wasu ranar jarrabawa, ko saboda ajin bana ya zo da 'yan haziƙai biyu. Wannan bai isa hujjar ƙarin kuɗi ba, bai kuma isa hujjar ƙin ƙari ba.

Na ce masa, "Malam, me ya sa ka faro daga sittin?" Ya dube ni da mamaki na gaske. "Wallahi Alhaji, ni lambobin kawai na zuba, haka ya fito mini, sai na ɗan daidaita shi ya tsaya a kan sittin cif." Na yarda da shi, don na san halin manhajar. Idan ka bar Excel ya zaɓa da kansa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙaramin adadi da babba ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na babban ba, sai ya bar sifili ya faro daga kusa da ƙaramin adadin. Shida kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na 68 ba. Gyaran bai fi minti ɗaya ba: ka danna dama a kan lambobin gefen, ka zaɓi Format Axis, ka rubuta 0 a wurin Minimum. Shi ya sa ba na saurin kiran mai irin wannan zane maƙaryaci. Sau da yawa rashin lura ne. Sai dai na lura cewa in kuskuren ya yi wa mai shi daɗi, ba a cika gaggawar gyara shi ba.

Kuma ba ƙananan makarantu kaɗai ke yi ba. A 2012 wata tashar Fox a Amurka ta nuna sanduna biyu kan harajin masu manyan kuɗin shiga, kashi 35 da kashi 39.6, ta faro daga 34. Sanda ɗaya ta zama taki 1, ɗayar 5.6. Mai kallo ya ga haraji zai ninka fiye da sau biyar, alhali ƙarin bai wuce kusan kashi 13 cikin ɗari na adadin farko ba. Irinsa ne ke yawo a wayoyinmu duk lokacin da siyasa ta ɗau zafi, a kwatanta kuɗin shigar jiha a mulkin wane da na wane, ko farashin buhun masara a watan jiya da na yau.

Akwai masu cewa ai tun da an rubuta lambobin a gefe, ba a cuci kowa ba, wanda bai karanta ba shi ya so. Ban yarda ba. Amfanin zane tun asali shi ne ya hutar da mutum karanta lambobi. In sai na karanta su na yi lissafi sannan zan gane cewa idona ya yaudare ni, da ma tebur aka ba ni. Hasali ma wani bincike da Michael Correll da abokan aikinsa suka wallafa a 2020 ya nuna cewa ko an sa alama a zanen da ke nuna an yanke layin, mutane suna ci gaba da ganin bambancin ya fi girma. Ballantana a waya, inda hoton ya sha turawa daga wannan zaure zuwa wancan har lambobin sun dushe.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa kowane zane dole ya faro daga sifili ba, don wannan ma zai iya ɓoye gaskiya. Dubi takardar da ake liƙawa a gadon mara lafiya, inda ma'aikaciyar jinya ke ɗiga zafin jiki. Tsakanin 37 da 39.5 a ma'aunin Salshiyas akwai bambancin yaro mai wasa a tsakar gida da yaron da uwarsa ta kwana ba ta runtsa ba. In ka faro daga sifili, layin zai kwanta kusan shafe, zazzaɓin ya ɓace. Sifilin ma a nan ba ya nufin babu zafi. Don haka takardar ke ɗaukar 'yar tazarar da jikin mutum ke yawo a ciki kawai, kuma daidai ne. Zanen layi yana nuna hawa da sauka ne, ido na bin gangarensa. Sanda kuwa cewa take yi ga yawan abin gaba ɗaya daga tushe, shi ya sa yanke ta ya zama cin amana. Shi ma layin ana iya matse shi har 'yar rawa ta koma tsauni, amma a nan abin tambaya shi ne ko tazarar da aka zaɓa ta dace da abin da ake aunawa.

Ni yanzu in zane ya shigo wayata, kafin in dubi sandunan sai na buɗe hoton da yatsu biyu na leƙa kusurwar ƙasa ta hagu. In na ga sifili, sai na ci gaba. In na ga wata lamba, sai na karanta adadin da ke kan kowace sanda in tambayi kaina: wannan ya ninka wancan kamar yadda tsawon ke nunawa? Sanda ta ninka 'yar uwarta sau huɗu amma lambobin 68 da 62 ne, an yanke ke nan, ko ba a faɗa ba. Wanda ya fi sa ni taka-tsantsan shi ne wanda babu lambobin gefe sam, sai sanduna masu launi da kibiya tana nuna sama. Can babu yadda za ka san inda katangar ta tsaya sai ka lissafo da kanka daga adadin da ke kan sandunan, in an rubuta su. Sannan in abin kaso ne cikin ɗari, sai na nemi sanin na mutum nawa ne, don kashi 6 na hamsin daban, kashi 6 na dubu hamsin daban.

Malamin nan ya buɗe kwamfutarsa a gabana ya mayar da lambar sifili. Sandunan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗan yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "To ai haka kamar ba mu yi komai ba." Na ce masa kun yi, kun ƙara yara uku, a rubuta 31 da 34 a kan sandunan kowa ya gani. Ya ce zai nuna wa shugaban makaranta. Takardar ƙarin kuɗin ta iso gida bayan mako biyu, da tsohon zanen a shafin farko.