Yadda Na Kashe Aminina da Rubutu Layi Uku

Ranar ɗaurin auren 'yar aminina a Zariya, aka ɗauke mu hoto mu biyu, shi da sanƙonsa da hula ta kasa rufewa, ni kuma da tumbin da babbar riga ta gaji da ɓoyewa. Da na koma gida sai na tono wani tsohon hotonmu na 1991, wanda muka ɗauka a Sabon Gari muna ramammun ɗalibai, na ƙudura cewa zan haɗa su biyun a Facebook domin duniya ta ga abotar da ta girmi wayar salula ta GSM a Najeriya da shekara goma.

Wahalar ta fara ne wajen abin da zan rubuta a ƙarƙashin hoton. Na fara da "Da tsohuwar zuma ake magani," sai uwargida ta leƙo ta ce wannan kirarin mata ne da kishiyoyinsu, in nemi wani. Na gwada "Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa," sai na tuna mutumin yanzu limamin unguwarsu ne, kuma surukansa za su karanta. A ƙarshe na rubuta: "Allah sarki, aminina! Tun muna yara ba ka taɓa juya mini baya ba, har a wahalar canjin kuɗi ta 2023 kai ka raba tsabar kuɗinka biyu da ni. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa."

Na wallafa, na ajiye waya na tafi sallar Isha'i, ban lura cewa tsohon hoton nan da ya koɗe shi kaɗai ya hau ba. Duk Bahaushen da ya ga tsohon hoto, da "Allah sarki" a farko, da yabon halin mutum a tsakiya, da "mutuwa" a ƙarshe, ba ya jiran ƙarin bayani. Kafin in dawo, "Allah ya jiƙansa" ta cika shafin, wani abokin karatunmu ma ya shaida cewa marigayin mutumin kirki ne, ya kuma yafe masa bashin da yake bin sa.

Ina cikin salati sai waya ta yi ƙara.

"Mutumina," in ji shi cikin natsuwa, "ƙarfe nawa aka sa jana'izar? Ga maƙwabta nan sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana."

Na ba shi haƙuri, na ce yanzun nan zan goge. Ya ce in dakata tukuna har ya ɗauki hoton maganar mai yafe bashin nan, domin shaida.

Na maye rubutun da cewa: "Aminina yana nan da ransa da lafiyarsa, yanzu muka gama waya." Na haɗa da hoton ɗaurin auren. Minti biyar ba a yi ba wani ya rubuta a ƙasa: "Allahu akbar, ashe har waya kuka yi. Allah ya sa ya huta."