Abin da ya kamata kwamitin ɗaukar ma'aikata ya rubuta kafin ya ce "wane ya fi"

Na zauna a kwamitin ganawa da masu neman aiki sau da dama, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba a lokacin yin tambayoyi ake tafka kuskure mafi girma ba, sai bayan mutum na ƙarshe ya fita an rufe ƙofa. A nan ne shugaban kwamiti zai gyara zama ya ce, "Ni dai na biyun nan ya kwanta mini a rai," sauran kuma su shiga laluben dalilan da za su mara masa baya. A ganina, hukuncin da aka yanke ta wannan hanya ra'ayin mutum ɗaya ne da mutum uku suka sa wa hannu.

Matsalar ta daɗe da sanuwa. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya nuna cewa idan hafsoshin soja suka yaba wa wani na ƙasa da su a siffa ɗaya, sukan ba shi maki mai yawa har a siffofin da ba su da alaƙa da ita. Haka nan mai fara'a da iya magana yake cin makin ƙwarewar da bai nuna ba.

Maganin yana farawa ne daga abin da aka rubuta a takarda yayin ganawar. "Yana da ƙwazo" hukunci ne, kuma babu wanda zai iya bincikarsa. Abin da ake so a rubuta shi ne abin da mutumin ya faɗa ko ya yi. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: da za a miƙa takardar ga wanda bai shiga ɗakin ba, shin zai iya fitar da makin da kansa?

Mu ɗauki misalin gurbin mai kula da sito. Kafin a ga kowa, kwamiti ya amince da abubuwa uku, kowanne da maki daga 1 zuwa 5: lissafin kaya, wanda za a ninka makinsa sau biyu domin shi ne ƙashin bayan aikin, sai warware saɓani da masu kawo kaya, sai rubuta rahoto. An yi wa kowa tambaya iri ɗaya: ba mu labarin lokacin da kayan da ke sito suka saɓa da abin da ke cikin littafi. Na farko ya yi jawabi mai daɗi a kan amana, amma da aka nemi misali har sau biyu bai kawo ko ɗaya ba, kuma haka aka rubuta. Ta biyu, cikin in'ina da sunkuyar da kai, ta ce ta taɓa samun giɓin katan 12, ta bi takardun karɓar kaya na makonni uku, ta gano an shigar da takarda ɗaya sau biyu, daga nan ta fara sa wa kowace takarda lamba. Shi ya samu 2 a lissafi, 4 da 4 a sauran, jimilla 12. Ita ta samu 5, sai 3 da 3, jimilla 16. Da an bi abin da ya kwanta a rai, shi za a ɗauka.

Yadda ake kwatantawar ma yana da tasiri. Kowane ɗan kwamiti ya sa makinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki, sannan a bi tambaya bayan tambaya, a jera amsoshin dukan 'yan takara a kan ta farko kafin a wuce zuwa ta biyu, maimakon a ɗauki mutum guda a yi ta tattauna shi gaba ɗayansa. Shugaba kuma ya yi magana a ƙarshe. Idan wani ya ba da 2, wani ya ba da 5 a amsa ɗaya, kada a yi saurin raba tsakani a ce 3.5, kowa ya karanta abin da ya rubuta, domin sau da yawa ɗayansu ya ji wani abu da ya wuce ɗayan.

Ba na cewa lambobin nan ba su da iyaka. Tazarar maki ɗaya tsakanin mutum biyu ba ta isa hujja ba, kuma takardar tana ɗauke ne da abin da mutum ya ce ya yi, wanda zai iya zama ƙari. Saboda haka labarin katan 12 ɗin nan sai an tabbatar da shi a wurin da ta yi aiki, ko a ba su duka biyun littafin kaya mai kuskure a ciki a ga wanda zai gano shi cikin minti 20. Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi natsuwa da ita duk da makin, sai a tambaye shi wace amsa ce ta jawo masa haka. In ya nuna ta, a sake dubawa tare. In ya kasa, makin ya tsaya yadda yake.