Daren da na zama uwar kaji

A hunturun bara na sayi 'yan tsaki 50 masu kwana ɗaya da ƙyanƙyasa, bayan wani abokin aikina ya tabbatar mini cewa renonsu ba ya bukatar komai sai kwali da ɗan garwashi. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ambaci barcin da mutum zai yi asara ba.

Na share ɗakin ajiyar da ke kusa da zaure, na tsaga manyan kwalaye uku na haɗa su da waya, suka zama kewaye mai tsayin kamu biyu. Gwaggo, wadda ta shekara arba'in tana kiwon kaji, ita ce ta hana ni barin kusurwa, domin a cewarta 'yan tsaki in sun ji sanyi kusurwa suke nema, su hau kan juna har na ƙasa ya mutu. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kaurin yatsu huɗu, na rufe shi da tsofaffin jaridu don kada su ɗauka abinci ne a kwanakin farko. A tsakiya na ɗora tukunyar ƙasa a kan bulo, ita ce za ta riƙe garwashi. Ruwan sha kuwa, na zuba shi a faranti da ɗan sukari, na jera tsakuwa a ciki don kada wani ya faɗa ya jiƙe.

Da a nan na tsaya, da an zauna lafiya. Amma na ji an ce a makon farko suna son zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako, ni kuma ba ni da ma'aunin zafi. Sai na yanke hukuncin cewa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Na toshe taga da buhuna, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, sannan na cika tukunya da gawayin da bai gama kamawa ba.

Bayan sallar isha na leƙa, sai na tarar babu ko ɗaya kusa da tukunya. Duk sun manne a jikin kwali, baki buɗe, fukafukai a sake, suna haki kamar waɗanda suka yi tsere. Ni kaina ban yi minti biyar a ciki ba kaina ya fara sarawa. Gwaggo ta shigo, ta fizge buhun taga, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, reno aka ce ka yi ko gashi?" Ta sa na fitar da tukunyar tsakar gida har gawayin ya zama jan garwashi marar hayaƙi, ta rage rabinsa, ta barbaɗa toka a kai don ya daɗe yana ci a hankali. Ta kuma gargaɗe ni cewa garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma, balle ɗan tsako, saboda haka saman taga ya zauna a buɗe.

Kafin ta fita ta koya mini karatun da ya fi ma'aunin da ban saya ba. In sun dunƙule jikin tukunya suna kuka mai ƙarfi, sanyi ne. In sun guje ta, zafi ne. In sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wani wuri. In kuwa sun bazu suna ci suna sha, to a ƙyale su.

Don nuna himma, na shimfiɗa tabarma a gefen kewayen da niyyar in ƙara garwashi da ƙarfe biyu na dare. Uwargida ta ce, "Malam, kai da ko kiran assalatu sai an tashe ka?" Ban tanka mata ba.

Abin da ya farkar da ni shi ne wani motsi a cikin rigata. Ashe garwashi ya mutu tuni, ni kuma cikin barci na miƙe ƙafa na ture kwalin, 'yan tsakin suka fito neman abu mai ɗumi mafi kusa, suka same ni. Wasu suna hammata, wasu suna cikin bargo, ɗaya kuma ya hau ƙirjina yana tsattsagar gemuna da gaskiyarsa. Ban isa in juya ba, don kada in danne dukiyata, sai na kwanta kamar gawa ina kiran uwargida ƙasa-ƙasa.

Ta zo da tocila, ta haska, ta fita ba ta ce uffan ba. Ina tsammanin garwashi ta tafi ɗebowa, ashe Gwaggo da yara ta je tasowa su zo su gani. Sai da kowa ya more kallo sannan aka tsince su ɗaya bayan ɗaya, aka ƙirga 49. Na hamsin ɗin a cikin hulata aka same shi, yana barci.