Kawu bai saci shayi ba

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Kawu, na tarar ana shari'a a tsakar gida. Shekara shida ke nan yana fama da ciwon suga. A daren da ya gabata ya ci tuwonsa bayan magariba, kafin ya kwanta ya gwada jini na'ura ta nuna 131, da asuba ya sake gwadawa ta nuna 168. Hajiya ta kafe a kan cewa ya tashi cikin dare ya haɗa shayi da madara. Shi kuma yana ta rantsuwa, har da ɗaga yatsa sama, cewa ko ruwa bai kurɓa ba. Ina shigowa ta ce, "Yauwa, kai da kake aikin gwajin jini, faɗa min, suga daga sama yake faɗowa?"

Na ce, "Hajiya, daga hanta yake fitowa." Ta dube ni kamar na haɗa baki da shi.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. A ganina rabin labarin suga kawai muka riƙe. Kowa ya san abinci yana ɗaga suga, da yawa sun ji sunan insulin. Amma tambayi mutum me yake riƙe sugan jininsa da ƙarfe huɗu na yamma ranar da yake azumi, sai ya ce sahur. Sugan sahur kuwa ya daɗe da barin hanji kafin azahar.

Mu fara da lissafi, don shi ya fi ba ni mamaki tun ina ɗalibi. Babban mutum yana da jini kamar lita 5. Idan lafiyarsa ƙalau kuma bai ci komai ba tun dare, na'ura za ta nuna tsakanin 70 da 99 mg/dL. A ɗauki 90. Wannan yana nufin miligiram 90 a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita, a lita 5 kuwa akwai irin wannan kashi 50. Ka ninka, ka samu giram huɗu da rabi. Duk sugan da ke yawo a jininka yanzu bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Wanda na'urarsa take nuna mmol/L ya raba lambobin wannan rubutu da 18, wato 90 ya zama 5.0.

To ga malmalar tuwon shinkafa, a ce giram 300. Sitacin da ke cikinta ya kai giram 80, kuma hanji zai farfasa shi ya koma gulukos, wato ainihin sugan da jini ke ɗauka. Da a ce wannan giram 80 zai zube cikin jini lokaci guda ya zauna, da na'ura ta nuna abin da ya haura 1,600, da kuwa babu mai tashi daga gaban kwanon tuwo da ƙafarsa. Amma mai lafiya da wuya ya wuce 140 bayan ya ci, kuma cikin awa biyu zuwa uku ya koma inda yake.

Mai wannan aiki wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, likitoci suna ce mata fankiriyas. Kada a haɗa ta da saifa, daban suke. Yawancinta ruwan narkar da abinci take yi, amma a cikinta akwai wasu 'yan ƙananan tsibirai da ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyinta ba. Wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, shi ya fara ganinsu a 1869. A cikin tsibiran akwai ƙwayoyin halitta da ake kira beta masu yin insulin, da ƙwayoyin alfa masu yin gulukagon. Maƙwabtan juna ne, katanga ɗaya, kuma kullum suna ɗanɗana jinin da ke wucewa ta gabansu.

Idan ka ci tuwon nan, tun abincin yana cikin hanji, hanjin ke aika wasu sinadarai su sanar da fankiriyas cewa baƙi na tafe. Suga na fara hawa, ƙwayoyin beta su saki insulin. Shi kuma ya buɗe wa suga ƙofar tsoka da ta kitse, su janye shi daga jini. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jinin da ya fito daga fankiriyas hanta yake fara bi kafin ya zaga sauran jiki, don haka hanta ce ta farko da ke jin muryar insulin, kuma ita ta fi jin ta da ƙarfi. Saƙon da yake kai mata biyu ne: ki daina fitar da suga, ki fara tarawa. Sai ta riƙa ɗaure gulukos dami dami tana ajiyewa, ajiyar da ake kira gilaikojin. A lokaci guda insulin yana sa maƙwabcinsa gulukagon ya yi shiru.

Hanta dai rumbu ce. Idan ta cika tana riƙe kamar giram 100. Tsoka ta fi ta ajiya, wajen giram 400, sai dai ita marowaciya ce: abin da ta tara kanta take ciyarwa, ba ta da sinadarin da zai ba ta damar mayar da shi cikin jini. Saboda haka idan hanji ya ƙare aikinsa, duk ido hanta yake komawa.

Kuma akwai mai jira da ba ya haƙuri. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin gulukos kamar giram 120 a yini, dare da rana, ko kana barci, kuma ba ta da rumbun kirki nata. Jikin mutum mai kilo 70 da ya kwana bai ci ba yana janye kusan giram 8 a kowace awa daga jini. Ka tuna duk abin da ke cikin jinin giram huɗu da rabi ne. Da ba a zubawa, da cikin abin da bai kai awa ɗaya ba cokalin ya ƙare.

Nan gulukagon yake shigowa. Awa uku ko huɗu bayan abinci, suga ya fara sauka, insulin ya ja baya, ƙwayoyin alfa su saki gulukagon, shi kuma ya nufi hanta ya ce a buɗe rumbu. Hanta ta riƙa kwance damin gilaikojin tana zubawa cikin jini daidai gwargwadon abin da ake janyewa. Ba ta tsaya nan ba. Tana kuma ƙera sabon suga daga abubuwan da ba suga ba ne: ɓurɓushin furotin, da wani ɓangare na kitsen da ya narke, da ragowar da tsoka ke fitarwa idan ta yi aiki. Rumbun yakan kusa ƙarewa idan mutum ya kai yini da kwana bai ci ba, daga nan ƙirar ce take ɗaukar nauyi. Azumin awa goma sha uku ko sha huɗu da muke yi bai kai can ba. Na taɓa gwada kaina da la'asar sakaliya ranar wata Litinin, ina jin kamar zan faɗi, na samu 82. Ƙishi ne da rana da rashin barci. Tun daga ranar nake kallon masu lafiya da ke cewa "sugana ya sauka" da ɗan shakku, ko da yake ba na musu da mai jin yunwa.

Wani abu da ake mantawa shi ne, insulin ba ya ɗaukewa gaba ɗaya tsakanin abinci. Kaɗan kaɗan yake ɗiga dare da rana, kusan rabin abin da jiki ke yi a yini ta haka yake fita, kuma aikin wannan ɗigon shi ne ya riƙe wa hanta linzami don kada ta zuba fiye da kima.

Linzamin Kawu ne ya saki. A irin ciwon sugan da ya fi yawa a manya, hanta takan daina jin maganar insulin sosai, gulukagon kuma ba ya yin shiru lokacin da ya kamata. Sai ta kwana tana zuba suga cikin jinin da ba ya buƙata. Ga kuma gabannin asuba, jiki yana sakin wasu sinadarai na shirin farkawa da ke ƙara zuga ta. Mai lafiya sai ya ƙara ɗan insulin ya daidaita, Kawu ba shi da wannan rara. Ya kwanta da 131, ya tashi da 168, bakinsa bai taɓa komai ba. Shi ya sa gwajin safe kafin karin kumallo yake da daraja a wurin likita: labarin hanta yake bayarwa. Idan ya kai 126 a gwaji biyu na ɗakin gwaji, an shiga layin ciwon. Maganin metfomin da Kawu ke sha ma babban aikinsa rage wannan zubin na hanta ne.

Hajiya ta ce, "To ashe sai ya daina cin abincin dare, ya riƙa shan maganinsa kawai." Nan ne na gyara zama, don wannan shawarar ita ce take kai mutane asibiti ranga-ranga.

A jikin mai lafiya, suga na sauka kusa da 80 insulin ya ja da baya, kuma wanda ke cikin jini 'yan mintuna kaɗan yake yi ya ɓace. Ya kusanci 70, gulukagon ya tashi. Amma insulin na allura, da ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid masu matsa wa ƙwayoyin beta su fitar da insulin, ba su san ka ci ko ba ka ci ba. Suna nan suna tura suga cikin tsoka, suna danne ƙofar rumbu, alhali babu abin da ke shigowa daga hanji. Ga wanda ya daɗe da ciwon kuma, gulukagon ɗin kansa yakan yi nauyin tashi. Sai a ga mutum yana zufa mai sanyi, hannu na rawa, zuciya na bugu, magana ta fara harɗewa kamar mai maye. In an gwada an samu ƙasa da 70, a ba shi suga cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Mai azumin da ke kan irin waɗannan magunguna, likitoci sun ce ya karya in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Sauya lokacin magani ko yawansa kuwa, wannan da likitansa za a yi, tun kafin a ga wata.

Na duba ledar maganin Kawu, sai ga gilibenkilamaid a ciki tare da metfomin. Na ce ya riƙa cin tuwonsa na dare, ya sami littafi yana rubuta gwajin kwanciya da na asuba na mako guda, sau ɗaya kuma ya daure ya tashi ƙarfe uku na dare ya gwada, a tabbatar ba faɗuwa sugan ke yi a tsakar dare ba, sannan ya kai wa likita ranar ganinsa. Hajiya ta karɓi aikin riƙe littafin. Gwangwanin madarar dai har na fito yana kulle a ɗakinta.